Datse Gefen Takardar PDF: Yadda Rubutu Zai Karantu A Allon Waya

Daga Wakilinmu

Duk wanda aka taɓa aiko wa da kundin makaranta, ko takardar sanarwar gwamnati, ko wani littafi a cikin wayarsa, ya san irin wahalar da muke nufin yin magana a kanta a wannan mako. Mutum ya buɗe takarda, sai ya tarar da haruffa sun ƙanƙance kamar jerin kiyashi, alhali kuwa dama da hagu ga farin fili nan shimfiɗe babu ko ɗigon tawada a cikinsa. In ya sa yatsu biyu ya buɗa shafin domin rubutu ya yi girma, sai ƙarshen layi ya ɓace, dole ya riƙa jan shafin dama da hagu a kan kowane layi. Kafin ya kai shafi na uku ido ya gaji, wuya ta ƙage, karatun kuwa an ajiye shi sai wani jiƙon.

Maganin da aka fi sani shi ne a datse wannan farin gefe, rubutu ya cika allo. Magani ne mai aiki, amma fa yana da iyaka, kuma akwai hanyoyin da yakan ɓata takarda in an yi shi da ka. Abin da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga farko shi ne, faɗin layin rubutu shi ne ke yanke hukunci, kuma ana iya auna shi kafin a taɓa komai.

Dalilin da ya sa haruffa ke ƙanƙancewa

Kamfanin Adobe ne ya fito da tsarin PDF a shekarar 1993, a 2008 kuma ya zama ma'aunin da duniya ta amince da shi. Manufarsa tun asali ita ce shafi ya fito iri ɗaya a ko'ina, ko a wace na'ura aka buɗe shi, ko a wace maɗaba'a aka buga shi. Saboda haka kowane harafi an kafe shi a wurinsa kamar yadda ake kafe ƙusa a katako. Saƙon da abokinka ya rubuto maka a waya yakan karya layi daidai da faɗin allonka, amma shafin PDF ba ya yin haka. Wayar ba ta da wata dabara illa ta ƙanƙantar da shafin gaba ɗaya, rubutu da farin gefe duka, har ya shiga allo.

To, bari mu yi lissafi. Takardar ofis da aka saba da ita a ƙasar nan, watau A4, faɗinta milimita 210 ne, tsawonta kuma 297. Wayar da ake cewa allonta inci 6.5 ne, irin doguwar nan da ta cika kasuwa, daga kusurwa zuwa kusurwa aka auna ta. Faɗin allon na gaskiya bai wuce milimita 68 ba, tsawonsa kuma wajen 151. In aka matse milimita 210 cikin 68, kowane abu da ke kan shafin zai koma ƙasa da sulusin girmansa. 'Yan ɗab'i suna auna girman harafi da wani ma'auni da ake rubutawa `pt`, wanda a nan za mu kira shi ɗigo, kuma ɗigo 72 ne ke yin inci ɗaya. Rubutun kundi mai ɗigo 12 yakan koma ɗigo 3.9 a wannan allo. Domin kwatanci, rubutun cikin jarida yakan kama daga ɗigo 8 zuwa 10. Ke nan abin da ake nema idon mutum ya karanta bai kai rabin rubutun jarida ba.

Akwai wani abu kuma da wannan lissafi ya nuna. Shafin da aka matse ya zama milimita 68 a faɗi, tsawonsa 96 ne kacal, allon kuwa yana da 151. Watau ta sama da ƙasa akwai wuri har ya yi saura, ta gefe ne ake cikin ƙunci. Don haka datse saman shafi da ƙasansa ba ya ƙara wa harafi girma ko kaɗan, iyakarsa ya rage yawan jan shafi. Gefen dama da na hagu su ne inda ribar take.

Misalin kundi mai shafi 120

Mu ɗauki kundin digiri mai shafi 120 a kan takardar A4, wanda aka bar wa milimita 40 a hagu saboda ɗinki, da milimita 25 a dama. Abin da ya rage wa rubutu shi ne milimita 145. Ba a datsewa har kan harafi, gama rubutun da ya manne da bakin allo yana da wuyar karantawa, musamman a wayoyin da kusurwoyinsu ke da lanƙwasa. A bar masa kamar milimita 3 a kowane gefe, sabon faɗi ya zama 151.

Yanzu milimita 151 ne za a matse cikin 68 maimakon 210. Harafi mai ɗigo 12 zai fito a ɗigo 5.4, inda a da yake 3.9. An sami ƙarin kusan kashi 40 cikin ɗari, kuma ido zai ga bambancin nan take. Amma gaskiyar magana ita ce ɗigo 5.4 har yanzu ƙarami ne. Yaro mai ƙarfin ido zai iya lallaɓawa da shi, dattijo mai tabarau kuwa ba zai yi nisa ba. A nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna, su ce datsewar ba ta da amfani.

Abin da suka manta shi ne a kwantar da wayar. In aka juya ta a gicciye, faɗin da ake da shi ya zama wajen milimita 145, bayan an cire ɗan wurin da kyamara da maɓallai suka ci. Shafin da ba a datse ba zai ba da harafi mai ɗigo 8.3, wanda aka datse kuwa zai ba da 11.5, kusan daidai da yadda yake a kan takarda. Kuɗin da za a biya shi ne, layi shida ko bakwai kaɗai za a riƙa gani a lokaci guda, tun da yake kundi yakan zo da tazara mai yawa tsakanin layuka. Amma jan shafin zai zama sama da ƙasa ne kawai, kamar yadda ake karanta kowane saƙo, babu sauran kai da kawowa dama da hagu.

Wannan lissafi kowa zai iya yi wa takardarsa. A auna faɗin rubutu, a ƙara milimita 6, a raba faɗin allo da abin da aka samu, sa'an nan a ninka da girman harafi. In sakamakon ya kai 7 ko 8, datsewa kaɗai ta isa. Inda aka fi cin riba shi ne ƙaramin littafi da aka ɗora a tsakiyar gilashin na'urar ɗaukar hoton takarda, ya fito tsamo-tsamo a cikin faffaɗan shafin A4. Rubutunsa mai faɗin milimita 105 da harafi mai ɗigo 11 yakan tashi daga 3.6 zuwa 6.7, kusan ninki biyu, ba tare da an kwantar da wayar ba ma.

Hanya mafi sauƙi tana cikin wayar

Kafin mutum ya nemi kwamfuta, ya kamata ya san cewa wasu manhajojin karatu na wayar Android, irin su ReadEra da Librera da KOReader, suna iya ɓoye farin gefe da kansu yayin da ake karatu. Fayil ɗin ba ya canjawa, manhajar ce kawai ke duba inda tawada ta fara da inda ta ƙare a kowane shafi, ta nuna wannan yanki kaɗai. A cikin jerin zaɓuɓɓukan shafi ake samun abin, galibi da kalmar `Crop` a jikinsa. Ga wanda shi kaɗai zai karanta takardarsa, a ganina wannan ita ce hanyar da ta fi, domin babu abin da zai lalace, in bai gamsu ba kuma sai ya kashe zaɓin.

Datse fayil ɗin kansa yana zama dole ne in za a rarraba shi. Malamin da zai tura wa ɗalibai ɗari biyu darasi, ko sakataren ƙungiya da zai aika wa mambobi rahoton taro, ba zai bi kowa ya ce ya sauke wata manhaja ba. Gara ya gyara takardar sau ɗaya, kowa ya buɗe ta da abin da yake da shi.

Yadda ake yi a kwamfuta

A cikin kowane shafin PDF akwai wasu lambobi huɗu da ke faɗin iyakar takardar, ana kiransu `MediaBox`. Akan kuma sami wasu huɗu da ake kira `CropBox`, waɗanda ke faɗin yankin da za a nuna wa mai karatu. Da ɗigo ake auna su, daga kusurwar ƙasa ta hagu ake fara ƙirga, kuma a jere suke kamar haka: hagu, ƙasa, dama, sama. Cikakken shafin A4 shi ne `0 0 595 842`. Datsewa ba wani abu ba ce illa a sauya waɗannan lambobi.

Domin a san inda rubutu ya tsaya, akwai manhajar kyauta mai suna Ghostscript wadda ke auna kowane shafi:

```
gs -q -dBATCH -dNOPAUSE -sDEVICE=bbox kundi.pdf
```

Za ta jero amsa shafi bayan shafi. A kundin misalinmu, shafin da ya cika da rubutu zai ba da abu mai kama da wannan:

```
%%BoundingBox: 113 42 524 771
```

Ma'anarsa, tawada ta fara a ɗigo 113 daga hagu, wanda shi ne milimita 40 ɗin nan, ta ƙare a 524. Lambar 42 kuwa gindin lambar shafi ce da ke ƙasa. Kada a tsaya a kan shafi ɗaya. A bi jerin duka da ido, a nemi lambar hagu mafi ƙanƙanta da lambar dama mafi girma, gama su ne za su nuna ko akwai wani jadawali ko zane da ya zarce sauran rubutu. In shafuka 117 sun ce 113 da 524, guda uku kuma sun ce 70 da 560, to waɗannan ukun sai an buɗe su an duba.

In komai ya daidaita, sai a rage 8 daga hagu, a ƙara 8 a dama, a yi kusan haka a sama da ƙasa, a ba manhajar `pdfcrop` wadda ke zuwa tare da tarin TeX Live:

```
pdfcrop --bbox "105 35 532 780" kundi.pdf yankakke.pdf
```

Kowane shafi zai fito da faɗin ɗigo 427, watau milimita 151 ɗin da muka lissafa. A lura an ba sabon fayil suna dabam. Na asali a ajiye shi, domin in aka tashi bugawa a takarda ko ɗinkewa, shi za a nema.

Mai karatu zai iya tambaya, don me za a sha wahalar awo alhali `pdfcrop` tana iya gano iyakar da kanta? Lalle tana iyawa, in aka rubuta `--margins 8` a maimakon lambobin nan huɗu. Sai dai za ta yi wa kowane shafi nasa awon dabam. Shafin ƙarshen babi mai layi uku zai koma ɗan siririn ƙyalle, shafin sadaukarwa mai gajeren layi a tsakiya zai kumbura ya cika allo da manyan haruffa, na bayansa kuma ya koma ƙarami. Girman rubutu ya riƙa hawa da sauka ke nan daga shafi zuwa shafi, abin da ke gajiyar da ido fiye da ƙanƙantar ma. Awo ɗaya ga dukan shafuka ya fi daɗin karatu, ko da an yi asarar 'yan milimitoci a wasu wurare.

Wannan manhaja tana da aibi guda da ya kamata a sani. Sabon fayil take ginawa ta ɗora tsofaffin shafuka a ciki, saboda haka jerin babobin da ake latsawa a tsallaka, da mahaɗan da ke kai mutum wani shafi, duk sukan ɓace. A takarda mai shafi goma ba a damu ba, amma a littafi mai shafi ɗari biyar babbar asara ce. Ga irin wannan akwai pdfCropMargins, wadda ke sauya lambobin iyaka kawai ta bar sauran yadda suke:

```
pdfcropmargins -u -s -p 10 kundi.pdf -o yankakke.pdf
```

Haruffan `-u` da `-s` suna sa a yi wa dukan shafuka datsa iri ɗaya, `-p 10` kuma na nufin a bar kashi goma cikin ɗari na tsohon gefen. Wanda ke da Acrobat na saye zai sami wannan aiki a ƙarƙashin `Set Page Boxes`.

Takardun da aka ɗauki hotonsu

Duk abin da muka faɗa a sama yana tafiya sumul ne a takardar da aka rubuta da kwamfuta, wadda farinta fari ne tas. Amma yawancin littattafan da ke yawo a wayoyin jama'a hotunan shafuka ne, kuma a nan ne aikin ke neman haƙuri. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: a buɗa shafin sosai, in bakin haruffa ya dusashe ya zama dishi-dishi, hoto ne.

Na'ura ba ta san bambancin harafi da datti ba. Inuwar da tsakiyar littafi ke jefawa, baƙin layin da ke fitowa a bakin gilashi, ramin da aka huda domin fayil, ɗan yatsan wanda ya danne littafin, duk tawada ce a wurinta. Ɗigo ɗaya na datti a kusurwa ya isa ya sa ta ce rubutu ya kai har can. Alamar haka ita ce awon Ghostscript ya dawo da lambobi kusa da `0 0 595 842` a yawancin shafuka, ko kuma a gama datsewa a ga babu abin da ya ragu.

A irin wannan hali idon mutum ya fi na'ura, kuma manhajar da aka yi domin haka ita ce Briss, ita ma kyauta ce, tana bukatar Java a kwamfutar. Dabararta mai kyau ce ƙwarai. Takan ɗora shafuka da yawa a kan juna kamar an jera su a gaban fitila, sai a ga wani duhu a tsakiya inda rubutu ya taru, da haske a gefe inda babu komai. Mutum ya ja akwati da hannunsa ya kewaye duhun. Duk wani abu da ya leƙo waje, ko lambar shafi ce ko jadawali, za a gan shi a matsayin inuwa mai rauni, sai a yanke shawarar shigar da shi ko barinsa.

Briss tana raba shafuka gida biyu, masu lambar mara da masu lambar cika, kuma da dalili. A littafin da aka ɗinke, gefen da ke wajen ɗinki ba ya zama daidai da na waje, don haka rubutun shafi na 7 ya karkata wani ɓangare, na shafi na 8 kuma ya karkata ɗaya ɓangaren. In aka yi musu akwati ɗaya, ko dai a yi shi da faɗi har ribar ta ragu, ko kuwa a yanke farkon layi a rabin littafin. Ita ma `pdfcrop` tana da `--bbox-odd` da `--bbox-even` saboda wannan. Amma akwai tarko a nan. In mai ɗaukar hoton ya tsallake wani farin shafi a tsakiyar littafi, daga wannan wuri jerin ya juye, shafin dama ya faɗa gidan na hagu. Sai a ga shafuka 60 na farko lafiya lau, daga na 61 kuwa harafin farko na kowane layi ya ɓace. Shi ya sa bayan an gama ba a duba farkon littafi kawai, sai an leƙa tsakiya da ƙarshe. Shafin da aka ɗauka a karkace shi ma haka yake: layin sama ya tsira, na ƙasa ya rasa harafi biyu. Irin wannan sai an fara miƙe shi da manhaja kamar ScanTailor kafin a zo maganar datsewa.

Ga masu karatun littattafan Larabci da na ajami kuwa akwai ƙarin gargaɗi, domin a wurinsu gefe ba fanko ba ne. A nan malamai ke rubuta hashiya da fassarar kalmomi, wani lokaci a gicciye, wani lokaci da tawadar da ta koɗe har na'ura ta ɗauke ta a matsayin farin takarda. Haka kuma a rubuce-rubucen hannu na ƙasashenmu, waɗanda warƙoƙinsu a sake suke ba ɗinki, marubuci yakan sa kalmar farko ta warƙa mai zuwa a can ƙasan shafi, ita ce ke nuna wace warƙa ke bin wace. Wanda ya datse wannan kalma ya raba mai karatu da hanyar tabbatar da jerin littafin. Irin waɗannan takardu, ra'ayina shi ne a cire baƙin kewayen hoton kawai, a bar takardar da gefenta cif. Lambar shafi ma a kowane littafi a bar ta, gama ɗalibin da zai kafa hujja da shafi na 84 yana bukatar ya ga 84 ɗin, kuma mun riga mun ga cewa cire ta ba ya ƙara girman harafi.

Abin da aka datse yana nan

Tun da yake lambobin iyaka kawai ake sauyawa, abin da ya fita daga gani bai fita daga fayil ba. Wannan ne dalilin da ya sa nauyin fayil ba ya raguwa bayan datsewa. Littafi mai megabayit 40 zai ci gaba da zama 40, kuma kuɗin data da za a kashe wajen tura shi bai canja ba. Wanda ke so ya gani da idonsa sai ya rubuta:

```
pdfinfo -box yankakke.pdf
```

In `CropBox` ya fi `MediaBox` ƙanƙanta, an ɓoye wani yanki, kuma mayar da shi aikin minti ɗaya ne. Wasu manhajojin sukan rage lambobin biyu tare, amma ko a nan abin da ke wajen iyaka yana kwance a ciki, wanda ya san aikin zai iya faɗaɗa iyakar ya fito da shi. Saboda haka kada ma'aikaci ya datse sunan wani, ko sa hannu, ko hatimin ofis daga saman wasiƙa ya ɗauka ya share su. Share abu aiki ne dabam, wanda a Acrobat ake kira `Redact`. Haka nan takardar da aka sa wa hannu ta hanyar lantarki ba a datse ta, domin sauyin da aka yi bayan sa hannun zai sa ta kasa tsallake bincike. Shafukan intanet da ke yin datsewa kyauta kuwa suna aiki, amma sai an ɗora musu takardar tukuna, don haka takardar asibiti ko ta shari'a ba wurinta ba ne.

Inda datsewa ba ta isa ba

Mujallun ilmi da yawa suna jera rubutu sahu biyu a shafi, da ƙananan haruffa masu ɗigo 10. A waya sukan koma ɗigo 3.2, kuma gefensu siriri ne tun asali, datse shi ba ya kawo wani abin kirki. Amma abin mamaki, su ne suka fi dacewa da waya in an bi da su daidai. Kowane sahu faɗinsa wajen milimita 85 ne, in aka nuna sahu ɗaya a lokaci guda harafi zai kai ɗigo 7.5 da wayar a tsaye. A Briss ana iya jan akwati biyu a shafi ɗaya, kowanne ya zama shafi mai zaman kansa, maƙala mai shafi 12 ta koma 24. Illarsa ita ce kanun maƙala da jadawalin da ya ratsa sahun biyu za su rabu gida biyu. Manhajar k2pdfopt ta fi wayo a nan, domin takan gane inda sahu biyu suke da inda rubutu ya ratsa shafi duka:

```
k2pdfopt -mode 2col mujalla.pdf
```

Ita wannan manhaja tana da wani aiki kuma wanda ya wuce datsewa. In layi ya yi tsawon da ko an kwantar da waya ba zai karantu ba, takan yanka hoton shafin kalma-kalma ta sake jera su a gajerun layuka daidai da allo. Da yake hoton kalmar take ɗauka, haruffanmu masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ, suna fitowa yadda suke, saɓanin hanyoyin da ke ƙoƙarin mayar da hoto rubutu, waɗanda in ba a koya musu Hausa ba sukan mayar da ƙasa ta zama kasa. Ga rubutun da ke tafiya daga dama zuwa hagu sai an ƙara mata `-r`, in ba haka ba za ta jera kalmomin a juye. Sai dai wannan hanya ba ta dace da waƙa ba, domin tana karya baiti inda mawaƙi bai karya ba, haka kuma takan wargaza jadawali da lissafi. Littafin da ya ƙunshi waɗannan, `-mode fw` ya fi masa, wanda ke cire gefe kawai ya shimfiɗa kowane layi yadda yake a faɗin wayar da aka kwantar.